Shuɗin allo: layuka biyu da ke faɗin abin da ya kayar da kwamfuta

Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024 duniya ta wayi gari da hoto iri ɗaya yana yawo a wayoyin mutane. Allo ne shuɗi, da alamar fuskar ɓacin rai a sama, da wasu 'yan layuka na Turanci a ƙasa. An ɗauko shi a filayen jiragen sama, inda allunan da ke nuna lokacin tashin jirage suka koma shuɗaye. An ɗauko shi a bankuna da asibitoci da manyan kantuna. Gidan talabijin na Sky News a Birtaniya ya kasa watsa shirinsa na safe na wani lokaci, a wasu filayen jirage na Indiya kuwa sai da aka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. Kamfanin jiragen Delta na Amurka shi kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwana biyar. Daga baya kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne abin ya shafa.

Da farko jita-jita ta yi yawa. Wasu suka ce hari ne na masu kutse, wasu suka ce Windows ɗin ce ta lalace gaba ɗaya. Amma waɗanda suka iya karanta hoton ba su daɗe suna lalube ba, domin sunan abin da ya jawo ɓarnar yana rubuce a jikinsa da ƙananan haruffa. Wannan allon dai shi ne wanda ke fitowa a laftof ɗin ɗalibi ko kwamfutar shagon buga takardu, don haka duk wanda ya fahimci hoton ranar ya sami hanyar karanta nasa.

Ga abin da ke rubuce a da yawa daga cikin hotunan:

```
:(
Your device ran into a problem and needs to restart.
We're just collecting some error info, and then we'll restart for you.
100% complete
Stop code: PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA
What failed: csagent.sys
```

Ido yakan fara sauka a kan manyan haruffa, alhali su ne mafi ƙarancin amfani. Layukan farko cewa kawai suke yi na'urar ta gamu da matsala, za ta tattara bayanin abin da ya faru sannan ta sake kunna kanta. Wannan maganar ita ce dai a kowane shuɗin allo, ko me ya jawo shi. Lissafin kashi cikin ɗari da ke hawa ma ba gyara yake nunawa ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Windows ce ke kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a daidai lokacin faɗuwar, tana ajiye shi a fayil don mai bincike ya duba daga baya. Alamar nan mai murabba'i da ake haskawa da waya kuwa, wadda aka ƙara a Windows 10 a shekarar 2016, wani shafin taimako na bai-ɗaya take kai mutum, ba ta ɗauke da bayanin matsalarka kai kaɗai.

Abin da ake nema yana layuka biyun ƙarshe. Wanda ya fara da Stop code yana faɗin irin laifin da aka aikata. Wanda ya fara da What failed yana faɗin sunan fayil ɗin da aka samu yana aiki a wurin sa'ad da laifin ya auku. Layi na biyun ba kullum yake fitowa ba, amma idan ya fito rabin binciken ya ƙare.

Abin takaici, su ne kuma layukan da aka fi yankewa a hoto. Lokacin da shuɗin allo ya fito Windows ta riga ta tsaya cik, maɓallin Print Screen ba ya aiki, sai dai a ɗauka da waya. Mutum yana cikin gaggawa, allon zai ɓace cikin daƙiƙu kaɗan, sai ya saita kyamara kan fuskar ɓacin ran ya bar ƙasan allon a waje, ko hasken taga ya haske wurin. Mai gyara da aka tura wa irin wannan hoto ba abin da zai iya cewa face kwamfutar ta faɗi, wanda mai ita ya riga ya sani.

Me ya sa Windows ke tsayar da komai

Manhajoji suna faɗuwa kullum ba tare da shuɗin allo ba. Word zai iya daskarewa, burauza ta rufe kanta, mutum ya yi tsaki ya sake buɗewa. Dalili shi ne Windows ta keɓe wa kowace manhaja irin waɗannan nata yanki na ƙwaƙwalwa, ba ta iya taɓa na wata. In ta yi kuskure, ita kaɗai ake rufewa.

Akwai kuma wani mataki na can ciki, wanda masana ke kira kanel. Nan ne cibiyar Windows take, inda ake rabon ƙwaƙwalwa da sarrafa faifan ajiya da duk sassan na'urar. Ba Windows kaɗai ke aiki a wurin ba. Akwai ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, waɗanda ke haɗa Windows da sassan kwamfuta: na allo, na wayfai, na sauti, na firinta. Sunayen fayilolinsu galibi da .sys suke ƙarewa. Manhajojin tsaro su ma sukan sa nasu direban a wannan mataki, don su riƙa ganin duk abin da ke wucewa. A can ciki babu shinge tsakanin wannan da wancan. Idan direba ɗaya ya karanta ko ya rubuta a inda bai kamata ba, Windows ba ta da tabbacin cewa sauran abin da ke hannunta lafiyarsa ƙalau. Da ta ci gaba, tana iya rubuta gurɓataccen bayani a kan faifai ta lalata takardun mai ita. Sai ta zaɓi ta tsaya nan take. Shuɗin allo ke nan: tsayawa ce da gangan, don kada ɓarnar ta yaɗu.

Yanzu sai laifin da aka ambata a hoton, wato PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, wanda lambarsa ita ce 0x50. Ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wadda masu gyara ke kira ram, tana da sauri amma ba ta da yawa. Faifan ajiya yana da fili amma ya fi ta nawa. Tamkar ɗan kasuwa ne mai tebur a bakin shago da sito a baya: abin da ake yawan tambaya yana kan tebur, sauran yana sito, in an nema a aika a ɗauko. Windows tana yanka ƙwaƙwalwa gida-gida, kowane gida kilobait 4, kuma idan ram ta cika sai ta kwashe gidajen da ba a taɓa ba kwanan nan ta kai su wani fayil a kan faifai mai suna pagefile.sys. Idan manhaja ta nemi abin da aka kwashe, sai a ɗan dakata a dawo da shi. Wannan dakatawar ita ce kashin farko na sunan, kuma ba laifi ba ce, tana faruwa ba adadi a kowace rana ba tare da kowa ya lura ba.

Amma akwai kayan da ba sa barin tebur ko da wasa, domin cibiyar Windows tana buƙatarsu a lokutan da ba za ta iya jiran faifai ba. Idan direba ya miƙa hannu zuwa wani adireshi a ɓangaren cibiyar, aka duba ram babu komai a wurin, kuma babu inda aka ajiye shi da za a ɗauko, to adireshin ne ba daidai ba. Ko dai direban ya ƙirƙiro adireshin da babu shi, ko yana neman wurin da aka riga aka kwashe aka sallama, ko kuwa ram ɗin kanta ce ta jirkita lambar. Waɗannan su ne manyan hanyoyin da ke kai wa ga wannan saƙo, kuma layi na biyu ne ke taimakawa wajen rarrabe su.

Abin da ya faru a ranar

Fayil ɗin csagent.sys ba na Microsoft ba ne. Direba ne na wata manhajar tsaro mai suna Falcon, ta kamfanin CrowdStrike da ke birnin Austin a jihar Texas ta Amurka. Manyan kamfanoni da hukumomi ne ke sayenta, shi ya sa kwamfutocin gida ba su shiga ciki ba sai na bankuna da jirage da asibitoci. Microsoft ta ce adadin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kwamfutocin Windows na duniya ba, sai dai su ne waɗanda ayyukan jama'a suka rataya a kansu.

Ganin suna ɗaya a hotunan da suka fito daga Ostireliya da Indiya da Jamus da Amurka a sa'a guda ya isa hujja. Ram ba ta lalacewa a miliyoyin na'urori lokaci ɗaya. Dole wani abu ne aka aika musu duka.

Haka kuwa aka yi. Falcon tana karɓar ƙananan fayiloli daga kamfanin a kai a kai, masu ɗauke da bayanin sababbin dabarun masu kutse. Da ƙarfe 5:09 na safe agogon Najeriya da Nijar aka saki wani sabo, na jerin da kamfanin ke kira mai lamba 291. Bayanin da CrowdStrike ya fitar a watan Agusta na shekarar ya nuna cewa tun watan Fabrairu aka shigar da wani sabon tsarin bincike da aka tsara zai duba bayanai 21, alhali ɓangaren da ke miƙa masa bayanan 20 kawai yake bayarwa. Wata biyar ba a lura ba, saboda fayilolin da aka aika kafin nan ba su taɓa neman a duba abin da ke gurbi na 21 ba. Na ranar 19 ga Yuli ya nema. Direban ya zarce ƙarshen jerin, ya ɗauko abin da ya tarar a wurin, ya ɗauke shi a matsayin adireshi ya bi shi, Windows kuwa ta tsaya.

Kamfanin ya janye fayil ɗin da ƙarfe 6:27, wato bayan minti 78. Kwamfutar da take kashe a wannan tsakanin ta tsira. Wadda ta karɓa kuwa ta shiga wani hali, domin direban Falcon yana cikin waɗanda ke tashi da wuri idan an kunna na'ura. Da ta kunnu sai ya karanta gurɓataccen fayil ɗin, ta faɗi, ta sake kunnuwa, ta sake faɗuwa, sau da yawa tun kafin ta kama intanet ta karɓi gyaran. Wasu sun yi sa'a bayan kashewa da kunnawa sau da dama, har Microsoft ta ce an sami waɗanda sai da suka yi sau 15. Sauran sai da ma'aikaci ya zauna gaban kowace kwamfuta, ya shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da direbobin da ba makawa sai da su kawai, ya goge fayil ɗaya:

```
del C:\Windows\System32\drivers\CrowdStrike\C-00000291*.sys
```

Gyaran na minti kaɗan ne. Abin da ya ja kwanaki shi ne yawan na'urorin, da kuma cewa da yawansu an kulle faifansu da BitLocker, wanda ba ya barin a shiga ta wannan hanya sai an rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48. Wasu ofisoshin kuma a kan wata kwamfutar suka adana lambobin, ita ma ta faɗi.

A ganina babban laifin kamfanin ba kuskuren lissafin ba ne, domin duk mai rubuta manhaja yana yin irinsa. Laifin shi ne sakin fayil ɗin ga kowa da kowa a lokaci guda, maimakon a fara da 'yan kwamfutoci kaɗan a ga yadda za ta kaya. Kamfanin da kansa ya yi alƙawarin komawa sakin irin waɗannan fayiloli mataki-mataki bayan abin ya faru.

Akwai wani abu a wannan labari da ya kamata mai karanta hoto ya riƙe. Allon ya ambaci csagent.sys, kuma ya yi gaskiya, a hannunsa abin ya fashe. Amma direban bai canja ba a ranar, kuma ba shi aka goge ba. Abin da ya canja wani fayil ne da aka ba shi ya karanta, wanda sunansa bai fito a allon ba ko kaɗan. Layin What failed yana nuna inda za a fara bincike ne. Tambayar da ke biye da shi kullum ita ce: me ya canja a kusa da wannan fayil kwanan nan?

Saƙo ɗaya, laftof ɗin gida

A ce yanzu ɗaliba ce ta turo hoton laftof ɗinta 'yar gwanjo, da wannan Stop code ɗin dai, amma babu Falcon a cikinta. Daga hoto ɗaya ba a yanke hukunci. Abin da mai gyara na ƙwarai zai nema shi ne ta ɗauki hoton duk lokacin da abin ya sake faruwa, ta kuma faɗi me take yi a lokacin. Hoto uku a jere sun fi ɗaya magana nesa ba kusa ba.

Idan duka ukun suna ɗauke da suna ɗaya, to an yi sa'a. A ce sunan nvlddmkm.sys ne. Wannan direban katin hoto ne na kamfanin NVIDIA, kuma in aka tambaya za a iya jin cewa allon kan fito ne idan ta buɗe bidiyo ko manhajar zane. Sunan da ya fara da Netwtw na wayfai ɗin Intel ne. Wanda ba a gane ba, a rubuta shi daidai harafi da harafi a injin bincike, za a ga na wane kamfani ne. Gyaran yana bin abin da ya canja. Idan matsalar ta fara ne bayan an sabunta direban, a buɗe Device Manager, a danna na'urar sau biyu, a shiga Driver, a zaɓi Roll Back Driver don a koma tsohon. Idan direban ya tsufa ne, a ɗauko sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Idan kuma sunan na wata manhajar tsaro ce ko wata da aka saka makon jiya, a cire ta a gani. Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, shawarata a nisance su, don sukan ɗora direban da bai dace da na'urar ba, su ƙara wata matsalar kan wadda ake da ita.

Idan kuwa hotunan uku sun sha bamban, labarin ya canja. Yau PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, gobe MEMORY_MANAGEMENT, jibi IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, sunan fayil ɗin ma yana sauyawa ko babu shi, kuma ba wani aiki takamaimai da ke jawo shi. Da wuya a ce direbobi uku sun lalace a mako ɗaya. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wurin da dukkansu ke ajiye kayansu ne ke da matsala, wato ram. Ram mai lahani tana karɓar lamba ta mayar da wata daban, duk direban da kayansa suka faɗo a gurbin da ya lalace shi ne zai yi tuntuɓe, shi kuma za a rubuta sunansa. Haka nan idan sunan da ya bayyana, a allon ko a manhajar da ke karanta bayanan faɗuwa, ntoskrnl.exe ne, kada a ce an kama mai laifi. Wannan shi ne cibiyar Windows ɗin kanta, kusan kowace faɗuwa ta nan take bi.

A nan ne tambayar me ya canja ke biya. Sau da yawa amsar ita ce an ƙara ram: laftof ɗin ta zo da gigabait 4, aka sayi wani sanda na gigabait 4 aka ƙara ta zama 8. Sandan na iya zama mai lahani tun asali, ko bai zauna daidai a raminsa ba, ko bai jitu da na farkon ba. Ko ba a ƙara komai ba, ƙurar hunturu da zafi da jijjigar hanya suna iya sa sanda ya daina haɗuwa sosai da raminsa.

Windows tana da nata gwajin. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta wannan:

```
mdsched.exe
```

A zaɓi sake kunnawa nan take. Kwamfutar za ta tashi a wani allo na daban, ta yi ta rubuta lambobi a ram tana karanta su tana kwatantawa. Idan ta ce ta sami matsala, magana ta ƙare. Idan ta ce ba ta samu ba, wannan bai wanke ram ɗin ba, domin gwajin gajere ne, wani lahanin kuma ba ya bayyana sai na'ura ta yi zafi. Masu gyara sukan yi amfani da MemTest86, wadda ake ɗorawa a filash a tashi kwamfuta da ita, a bar ta ta yi zagaye huɗu, abin da kan ɗauki sa'o'i. Kuskure ko ɗaya ne ya fito, ya isa.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi kuwa ba ya buƙatar manhaja. A kashe laftof ɗin, a zare caja, a cire batir in yana ciruwa, a fitar da sandan da aka ƙara, a yi aiki da na asalin kwana biyu ko uku. In shuɗin allon ya ɗauke, a musanya: a sa sabon shi kaɗai a ramin da aka san yana aiki. In ya dawo, sandan ne. In kowanne shi kaɗai yana aiki lafiya amma tare ba sa yi, to ko dai ba su jitu ba ko ramin na biyu ne ke da lahani. Wasu sababbin laftof sirara an liƙe ram ɗinsu a jikin allon na'urar, ba a cirewa, waɗannan sai mai gyara.

Wannan ne ya sa nake ganin gaggawar yin fomatin, wadda ita ce amsar farko a shaguna da yawa, ba ta da amfani a nan. Idan direba ne, an rushe komai saboda fayil ɗaya, kuma ana iya sake ɗora direban nan bayan an gama. Idan ram ce, sabuwar Windows ɗin ma za ta faɗi, wani lokaci tun ana cikin ɗora ta. Ga kuma takardun mai kwamfutar da suka tafi a banza.

Akwai saƙo ɗaya da ke canja tsarin aikin. Idan KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ya shigo cikin jerin, ma'anarsa an je faifai ɗauko abin da aka ajiye an kasa karanta shi. Zargi ya koma kan faifan ajiya ko mahaɗinsa, musamman idan kwamfutar ta riga ta fara nauyi ko tana ƙara ƙas-ƙas. A wannan hali ba gwaji ake fara yi ba. A kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri tun faifan yana amsawa, sauran bincike ya biyo baya.

Idan hoton ya kuɓuce

Allon kan ɓace kafin a lalubo waya, amma bayanin ba ya ɓata. Bayan kwamfutar ta tashi, a danna Windows da R a rubuta:

```
perfmon /rel
```

Za a ga jadawalin kwanaki, da jar alama a ranar da aka faɗi. Amfaninsa biyu ne: yana nuna lambar laifin, yana kuma nuna abin da aka saka ko aka sabunta a kwanakin da suka gabata, wanda shi ne amsar tambayar me ya canja. A Event Viewer kuma, ƙarƙashin System, rahoto mai lamba 1001 yana ɗauke da lambar a cike, misali 0x00000050. Rahoto mai lamba 41 da mutane ke yawan tsorata da shi cewa kawai yake yi kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ko ɗauke wuta ma yana jawo shi. Fayilolin da Windows ta ajiye lokacin da lissafin nan ke hawa suna cikin C:\Windows\Minidump, kuma mai gyaran da ya iya karanta su zai fi samun abin kamawa a cikinsu fiye da kowane hoto.

Wanda yake so allon ya riƙa tsayawa har ya ɗauki hoto a natse, ya rubuta sysdm.cpl a wannan akwatin dai, ya shiga Advanced, ya buɗe Settings na ƙarƙashin Startup and Recovery, ya cire alamar da ke gaban Automatically restart.

Masu sabuwar Windows 11 kuma kada su ruɗe in sun ga allon baƙi ne. A shekarar 2025 Microsoft ta sauya fasalinsa, ta cire fuskar ɓacin ran da alamar da ake haskawa da waya. Layuka biyun nan suna nan a can ƙasan allon, karatunsu bai canja ba.

Saura wani hoto da ke kama da wannan amma ba shi ba ne. Mutum yana cikin lilo a intanet sai allo ya cika da shuɗi, wani lokaci har da ƙara ko murya, ana cewa kwamfutarsa ta kamu, ya kira wata lambar waya yanzu-yanzu. Wannan shafin 'yan damfara ne da aka buɗe ya rufe allon duka. Saƙon kuskure na gaskiya daga Windows ba ya ɗauke da lambar waya, ba ya magana, kuma idan ya fito linzamin kwamfuta ba ya motsi. In ka ga kibiyar linzaminka tana yawo a kan shuɗin, ka danna Esc ko F11 ka fita daga cikon allon, ko ka danna Ctrl da Shift da Esc tare ka rufe burauzar. Kada ka kira lambar, kada kuma ka bar wanda ba ka sani ba ya shiga kwamfutarka daga nesa.